Wasiƙar da Ta Ɗage Aurena

Ina kan keken ɗinki a shagon goggona da ke unguwar Yelwa a Garwa ranar da ya zo min da wasiƙar. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta koya min ɗinki, kuma a hannunta nake tun da na bar makaranta. Shi kuwa, wanda yake mijina a yau, a lokacin saurayina ne, haya yake yi da babur, abin da mu a nan muke cewa moto. Bai daɗe da gama biyan kuɗin babur ɗin ba. Magabata sun riga sun gana, an kawo kuɗin gaisuwa, abin da ya rage a sa rana. Ni da shi mun gama shirya komai a bakinmu: rumfuna biyu a ƙofar gida, kujerun haya, sa guda, shinkafa, lemon kwalba ga kowa, da masu kiɗa ranar kamu. Da na tambaye shi inda kuɗin zai fito, ya ce zai ɗauki kwasar farko a wani adashi na 'yan moto, in bai isa ba ya jinginar da babur ɗin na 'yan watanni. Ban ga aibun haka ba. Kusan duk ƙawayena da irin wannan dabara aka yi nasu bikin.

Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka komai na aurensa yana hannun baffansa, wan mahaifinsa, wani dattijo mai sayar da hatsi a Maruwa. In Baffa bai ce a sa rana ba, babu mai sawa. Shi ya aiko da wasiƙar ta hannun wani direban mota, tare da ƙullin busasshen tumatir. Takardar littafin 'yan makaranta ce, an cika ta gaba da baya da rubutun ajami.

Abin da ya fara damuna shi ne takardar kanta. Baffa yana da waya, suna magana da ɗan ƙanen nasa kusan kowane mako. Me zai sa mutum ya zauna ya rubuta abin da zai iya faɗa da baki? Ni ajami ba na karanta shi sosai, sai da tuntuɓe, don haka saurayin nawa ya jingina da ƙofar shagon ya karanta min. Yana karantawa ina kallon bakinsa. Da ya zo wurin da aka ce a ɗage sa rana sai bayan daminar baɗi, sai na ji a raina cewa ba Baffa ba ne ya rubuta. Na ɗauka shi ne ya gaji, ko ya hango wata, ya nemi wani malami ya rubuta masa hanyar zamewa. Na ce ya bar min takardar. Ya miƙo min.

Da la'asar na kai wa wani tsohon malami da ke karantar da yara a bayan gidanmu. Ya sa tabarau ya karanta min tun daga sallama har ƙarshe, kuma babu kalma ɗaya da ta bambanta da abin da aka karanta min da safe. Ya ce ma ya san wannan hannu, don sun taɓa zama makaranta ɗaya da mai shi. Har yau ina iya kawo yawancinta da ka. Bayan gaisuwa, Baffa ya ce:

"Na ji kana shirin ciyar da unguwa guda da kuɗin da ba ka samu ba tukuna. Wanda ya ci shinkafarka ranar biki ba zai zo ya taya ka biyan bashi ba. Babur ɗin nan shi ne gonarka, kada ka jinginar da shi ko na kwana ɗaya. Kada ka ɗauki kwasar farko a adashi, don wanda ya kwasa da farko bashi ya ci, sauran watannin duk biya yake yi. Kullum in ka tashi aiki, kafin ka sayi ko shayi, ka raba abin da ka samu uku: na mai da gyaran babur, na ci, da na aure. Na auren ko kaɗan ne kada ka tsallake rana. Ranar Juma'a ka turo min abin da ya taru, ni zan ajiye maka, don kuɗin da ke kusa da hannu ba ya kwana. In damina ta wuce, abin da muka tarar shi ne girman bikinka."

A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa a nuna wa dangin yarinya wannan takarda don kada su ɗauka wasa ake yi da su.

Inna, mahaifiyata, ba ta ga komai a ciki ba sai raini. Ta ce mutanen Maruwa ne, suna ganin mu ba sa'anninsu ba ne, dattijon yana jan lokaci ne har yaron ya huce ya ba shi wata daga cikin 'ya'yan abokansa. Tana da nata dalilin na jin zafi. Shekara da shekaru tana kai gudummawa bikin 'ya'yan mutane, ba ta taɓa fashi ba, ni ce kuma 'yarta ta fari. Tana son ranar da matan nan za su zo su zauna a ƙofar gidanta su ci su ƙoshi. Mahaifina ya saurari wasiƙar ya ce maganar dattijo ce, ya amince. Ni kuwa tunanina ya tsaya a wuri guda: ka turo min, ni zan ajiye maka. Na san 'yan kasuwa. Goggo kanta in mai kawo ɗinki ta ba da kuɗin kafin alƙalami, ba ya kwana a aljihunta, zare da shafi yake komawa kafin magariba. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da kuɗi ya zauna a hannunsa shiru ba.

Na faɗa wa saurayina haka, ransa ya ɓaci. Ya ce mutumin da ya biya masa kuɗin makaranta, ya yi masa kaciya, ya tsaya masa wajen sayen babur, shi zan ce zai ci masa kuɗi? Na ce ban ce zai ci ba. Na ce kawai akwai masu zagayawa karɓar ajiya kullum a kasuwar Garwa, suna rubuta maka a kati, ƙarshen wata su cire na kwana ɗaya ladansu su ba ka sauran. Akwai kuma adashin da zai iya karɓar kwasar ƙarshe. Me ya sa sai Maruwa? Ya ce ai amsar tana cikin takardar: in kuɗin yana Garwa, ranar da abokinsa ya zo da kuka zai ciro ya ba shi. Wannan gaskiya ne, na san halinsa. Amma ban gamsu ba.

Haka aka fara. Ya samo gwangwanayen madara uku ya jera a ƙarƙashin gadonsa. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya je kiyos ɗin masu tura kuɗi ya tura wa Baffa ta waya. Mutumin da da ba ya zuwa zance hannu rabbana, yau tsire, gobe kifin Binuwai soyayye, sai ya koma zuwa da labari kawai. Ya daina kirana mu daɗe a waya, sai ya yi min filashin in kira. Ya rame kaɗan, don ya daina cin abincin rana a gidan abinci, ya koma gari da ƙuli. Matan da ke kawo ɗinki suka fara tambayata ranar biki da wata irin murya. Wata ta ce min a fuska ta ga saurayina ya ɗauko wata yarinya daga bakin asibiti har garin Pitowa. Na ce ai sana'arsa ke nan, ɗaukar mutane. Amma da ya zo da yamma sai da na sa ya nuna min saƙonnin tura kuɗin a wayarsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga duk lambar Baffa ce. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu.

Akwai makon da injin babur ɗin ya buga. Na ce to, yau za a ga ƙarshen tsarin Baffa. Sai ga shi abin da ke cikin gwangwanin gyara ya kusa isa, makanike ya yi masa haƙurin ragowar zuwa kwana kaɗan. Ranar Juma'ar nan abin da ya tura bai fi kuɗin shayi da burodi ba. Baffa ya kira shi ya ce ya gani, ya yi daidai da bai tsallake ba. Na yarda a raina cewa ta wannan gefen dattijon ya san abin da yake faɗa. Sai dai sanin yadda ake tara kuɗi daban, abin da ake yi da su bayan sun taru daban.

Da zafi ya shigo sosai, lokacin da kwalta ke narkewa a Garwa mutane na kwana a tsakar gida, direban da ya kawo wasiƙar ya zo shagonmu karɓar ɗinkin matarsa. Cikin hira ya ce Alhajin hatsi, wato Baffa, bana ya buɗe, ya cika shago da buhunan muskuwari har ya kama wani ɗaki a baya. Muskuwari ita ce dawar rani da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, a girbe ta wajen ƙarshen sanyi. Lokacin girbi tana araha, in damina ta yi nisa abinci ya ƙare a gidaje sai ta yi tsada. Na tsayar da keke. Kowa ya san tun da hanyar Mora ta lalace da tashin hankali, Baffa ya daina kai kaya bakin iyaka, kasuwarsa ta ja baya. Saurayina da bakinsa ya sha gaya min haka. To ina ya samo jarin cika ɗaki biyu?

Ban ce wa saurayina komai game da dawar ba. Na ce masa kawai na ga wasu atamfofi masu kyau sun sauka da rahusa, ya karɓo wani abu daga wurin Baffa mu fara haɗa lefe tun yanzu, tunda atamfa ba ta ruɓewa. Ya ga hankali a maganar, ya kira a gabana. Na ji muryar dattijon ta cikin wayar, a natse, yana cewa ba yanzu ba, lokacinsa bai yi ba, a bari sai ruwa ya sauka. Saurayina ya kashe waya ya ce min ai na ji. Na ce na ji.

A daren na gaya wa Goggo duka. Ita mace ce da ba ta son a yi mata wayo ko a kan allura. Ta ce dama tana da niyyar zuwa Maruwa sayo takalman fata da jakunkuna da take haɗawa da ɗinki, in shirya in raka ta. Na san abin kunya ne yarinya ta je gaban surukin da ba a ɗaura ba tukuna, balle a kan maganar kuɗi. Inna ba ta sani ba, ta ɗauka sayayya ce kawai. Saurayina ma ban gaya masa ba. Muka hau mota da asuba, muka bi ta Figil, rana ta take kafin mu shiga Maruwa.

Shagon Baffa yana layin masu hatsi, ƙarami ne, ƙofarsa ta ƙarfe. Na tarar da shi ba kamar yadda na zana shi a raina ba. Siriri ne, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, yana zaune a kan buhu yana ɗinke bakin wani buhun da basilla. Goggo ta yi sallama ta gabatar da kanta, ta ce mun zo sayayya ne muka ga bai kamata mu wuce ba mu gaishe shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Ya aika aka kawo mana ruwa da folere mai sanyi, wato zoɓo. A bayansa buhuna ne jere har rufi, an ɗora su a kan katako don kada su taɓa ƙasa, warin maganin ƙwari yana tashi.

Goggo ta yi ta kewaye-kewaye, ta yaba kaya, ta tambayi farashi, ta ce bana kam Allah ya buɗa. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ajiye basillar ya dube ni, ba ita ba.

"'Yata, atamfar ce ta kawo ku?"

Na sunkuyar da kai. Goggo ta ce tunda ya taɓo maganar, yara sun so su fara rage hidima, aka ce musu ba yanzu ba, shi ne hankalinsu bai kwanta ba.

Ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya buɗe ɗakin bayan, ya nuna mana wani layi na buhuna a gefen hagu, ya ce kuɗin yaron ga su nan. Bai ɓoye ba, bai kuma nuna alamar an kama shi ba. Ya ce takarda in ta zauna a akwati ba ta ƙaruwa, kayan biki kuwa kullum tashi suke, shi ya sa da girbi ya zo ya haɗa da nasa ya sayi dawa, in damina ta tsaya ya sayar.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baffa, a takardar cewa aka yi za a ajiye. Ba a ce za a juya ba."

Goggo ta taka min ƙafa. Shi kuwa ya juyo gare ni. Ya ce haka ne, haka ya rubuta. Ya ce tun ranar da ya taɓa kuɗin sun zama bashi a wuyansa: in ƙwari sun ci dawar, in farashi ya faɗi, in wuta ta tashi, shi zai biya har sisin ƙarshe, kuma ya gaya wa babban ɗansa haka saboda halin mutuwa. Goggo ta tambaya, in kuma an ci riba fa? Ya ce wanda asara take kansa ai shi ke da riba. Na tambaya a hankali ko mai kuɗin ya sani. Ya ce bai sani ba. In ya sani zai fara lissafin ribar da ba a samu ba, ya saki jiki da tarawa.

Muka koma gaban shago. A nan ne na gane cewa yadda nake zarginsa haka shi ma yake zargina. Ya ce yaron nan shekara biyu yana biyan babur bai taɓa maganar rumfa da makaɗa ba sai da ya fara zuwa gidanmu. Ya ce ya ga aure da yawa da aka ci sa ranar Asabar, kafin wata uku amarya ta fara sayar da kwanukanta. Ya tambaye ni kai tsaye ko ni ce na ce a jinginar da babur. Na ce ba ni ba ce, amma da aka faɗa ban hana ba. Na ce ina son a yi wa mahaifiyata abin da ba za ta ji kunya ba a gaban matan da ta yi wa hidima shekaru, kuma ban ga laifin wannan ba. Ya ce babu laifi, in da kuɗinsa a hannu.

Goggo ce ta kawo maganar da aka tsaya a kai. Ta ce abin da ya riga ya shiga dawa ya zauna har a sayar. Amma daga wannan Juma'ar a raba biyu: rabi ya ci gaba da zuwa Maruwa, rabi ya tsaya a Garwa a hannunta, duk wata a sayi abin da ba ya lalacewa, atamfa, shinkafa, man gyaɗa, sukari, a kulle a ɗakinta. Baffa ya ce wa zai tabbatar masa kuɗin ba zai koma zare da maɓalli ba? Goggo ta ce wanda ya tabbatar mata dawa ba za ta koma jari ba. Ya yi 'yar dariya, ita ce kaɗai na ga ya yi ranar. Ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai gaya wa yaron komai da bakinsa.

Ya gaya masa kuwa, tun muna mota. Da muka iso Garwa saurayina yana tasha yana jiranmu, fuskarsa a ɗaure. Bai ɗauke ni ba, Goggo ya ɗauka, ni na hau wani babur. Kwana da kwanaki bai zo zance ba. Da ya zo, ya ce na zubar masa da mutunci a gaban wanda ya rene shi. Na ce shi bai ji komai ba da aka juya guminsa ba da saninsa ba? Ya ce ko Baffa ya ce ya ba shi kyauta zai ba shi. Daga baya, da muka ɗan huce, ya amsa cewa abin ya taɓa shi, ya so a ce an gaya masa. Na koma wurin malamin bayan gidanmu na ba shi labari ba tare da na ambaci kowa ba, ko da yake na san ya gane. Ya ce juya kuɗin ajiya ba da izinin mai shi ba abu ne da malamai ba sa so, amma in mai juyawar yana da halin biya, kuɗin ya zama bashi a kansa, ribar kuma tasa ce. Wato dai abin da dattijon ya faɗa. Na fito ina jin an yi min daidai kuma an cuce ni a lokaci guda.

Damina ta sauka. Aikin moto ya ragu saboda ruwa da taɓo, wasu makonnin abin da ake rabawa biyun ba shi da yawa. Duk da haka ɗakin Goggo ya fara cika. Ita ke riƙe da makulli, ni ke zuwa kasuwa, shi kuma duk abin da aka saya sai ya zo ya gani da idonsa, don yanzu shi ma ya koyi tambaya. Cikin watan da hatsi ya yi tsada na riƙa tambayar farashin buhun muskuwari a kasuwar Garwa kamar mai shirin saye. Ya tashi sosai a shekarar. Na riƙa lissafi a kaina ina kan keke, amma ban san nawa Baffa ya saya ba, ban san buhu nawa ne namu a layin nan ba, ban san abin da ya kashe a haya da magani da dako ba. Lissafin bai taɓa tsaya min a wuri ɗaya ba.

Da ruwa ya ɗauke, Baffa ya zo Garwa da kansa aka sa rana. Ya zauna a zauren mahaifina, ya ciro kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya ajiye a gaban ɗan ƙanensa, ya ce ya duba da saƙonnin wayarsa. Aka duba, ya cika cif, har da kuɗin cirewa da kamfanin waya ke yanka ya mayar. Daga nan aka fitar da sadaki, aka biya hayar ɗaki na wata shida, aka ƙarasa lefe. Abin da ya rage shi aka yi walima da shi. Rumfa ɗaya aka kafa. Babu makaɗa, ƙawayena suka kunna waƙa a lasifika. Maimakon lemon kwalba, Inna da maƙwabta suka dafa folere da kunun aya aka ƙulla a leda. Sa kuwa babu shi a lissafi, an tsaya a kan awaki biyu.

Ana jibi ɗaurin aure sai ga motar kaya ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauko da wani ɗan bijimi ja. Direban ya ce gudummawar Baffa ce. Unguwa ta ɗauka. Inna, wadda ta shekara tana cewa mutanen Maruwa sun raina mu, ta fito tana sa albarka har da hawaye. Mata suka ci nama suka yi guzuri, duk wadda ta shigo ɗakin da nake sai ta ce na yi dacen suruki. Ina zaune cikin lalle ina amsawa da amin. Goggo ta sunkuyo kamar za ta gyara min ɗankwali, ta ce min a kunne, "Dawarku ce ake ci." Wataƙila haka ne. Wataƙila ribar ta fi bijimin, wataƙila ba ta kai ba ya cika daga aljihunsa. Na tambayi mijina bayan mun tare, ya ce bai tambaya ba kuma ba zai tambaya ba.

Wasu matan sun yi gunaguni a kan rashin lemo, na ji labari. Amma ranar Litinin bayan biki mijina ya tada babur ɗinsa ya fita aiki, babu wanda ya zo ƙofarmu da maganar bashi. Wata ƙawata da aka yi nata bikin wata ɗaya kafin nawa, da rumfuna uku, mijinta ya shekara yana tuƙa babur ɗin wani.

Bayan na haifi ɗana na fari, Baffa ya tashi aurar da autarsa. Ya zo Garwa da atamfofi cikin buhu, ya ce an gaya masa hannuna ya fi na telolin Maruwa, yana so in ɗinka wa amarya da 'yan'uwanta. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na buɗe kayan na ƙirga a gabansa. Na faɗi kuɗin ɗinki. Ya ce ya yi yawa, ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Muka yi ta ja cikin ladabi, ina cewa Baffa a duba, yana cewa 'yata a sassauta, har muka haɗu a tsakiya. Sannan na ce za a ba da rabi yanzu, saboda zare da shafi. Ya ce in an gama zai biya gaba ɗaya, ai gida ne. Na ce haka tsarin shagon yake ga kowa. Ya dubi mijina, mijina ya dubi ƙasa. Dattijon ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo rabin, ya ajiye a kan keken, ya ce yana so ya san ranar da zai aiko a karɓa. Na gaya masa. Ya ce zai kira ana saura kwana biyu ya ji inda aka kwana, kuma ya kira.